Daga Ajami Zuwa Boko: Abin Da Ke Zubewa A Hanya



Da wuya a sami tsohon gida a Sabon Ibadan, ko Sabon Shagamu, ko Agege, wanda babu wata adaka ko gafaka da aka gada daga kakanni. In aka buɗe, a kan tarar da takardun da suka yi ja saboda tsufa: wasiƙun da aka aiko daga Kano ko Sakkwato, lissafin huhun goro da kuɗin shanu, sunayen masu bashi, wani lokaci har da waƙar wa'azi da wani malami ya kwafa da hannunsa. Kusan dukkansu da ajami aka rubuta su. An kafa Sabon Ibadan a 1916, shekaru kaɗan bayan hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano, kuma fataucin da ya riƙe irin waɗannan unguwanni namu bai tafi da baki kaɗai ba, da takarda ya tafi.

Yanzu masu iya karanta waɗannan takardu suna ƙarewa. Yaranmu da suka yi boko suna son su san abin da ke ciki, wasu ma sun fara zama da dattawa suna juya su zuwa rubutun boko. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai mun ga inda aka gama juyawa aka ce ai tsohuwar takardar ta gama amfani, aka bar wa gara da ɗigon ruwa. Dalilin wannan rubutu ke nan. Muna so mu nuna cewa juya ajami zuwa boko ya wuce musayar harafi da harafi. Akwai abin da ajami ya riƙe wanda boko ya saki, akwai wanda boko ya riƙe ajami ya saki, akwai kuma wanda duka biyun suka bar wa kunnen mai karatu.

Yadda malamai suka hora haruffan Larabci

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san matakan farko: babbaƙu, sannan farfaru. A babbaƙu ake koyon baƙaƙe da sunayensu na Hausa, irin su ba guje, ha ƙarami, ha mai ruwa, kaulasan, ɗamisa hannu da lodi. A farfaru ake koyon wasula: wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, da ɗauri wanda ke nuna baƙin da ba shi da wasali. Da waɗannan kayan aiki malamai suka rubuta Hausa, musamman daga zamanin jihadin 1804, lokacin da waƙoƙin wa'azi na Hausa suka yawaita a hannun irin su Nana Asma'u da ɗan'uwanta Isa ɗan Shehu.

Ta wajen baƙaƙe sun yi dabara. Sautin da Larabci ba shi da shi, sai su ari harafin da Hausa ba ta bukata su ɗora masa. Ɗamisa hannu ya zama ɗ. Angai ya zama g. Ƙaf ya zama ƙ. Harafin nan mai ɗigo uku a sama da Larabawa ke fara sunan Talata da shi, wato wanda ke tsakiyar sunan Usman, ya zama c. Wannan aro yana da tarkonsa. Harafi ɗaya ne za a karanta c a cikin “ciniki”, amma a karanta shi s a cikin “misali” ko “hadisi” ko “wasiƙa” idan marubucin ya bi asalin rubutun Larabci. Haka b da ɓ: marubuta da yawa ba su raba su ba, saboda haka “bari” da “ɓari” kamanninsu ɗaya. Amma matsalar baƙaƙe mai sauƙi ce, in mutum ya saba da hannun marubuci sai ya wuce ta. Inda gizo ke saƙar shi ne wasula.

Larabci yana da wasula uku: a, i, u, kowanne da gajere da dogo. Hausa tana da biyar, ta ƙara e da o. Ga e, malamanmu sun sami mafita a cikin Alƙur'anin da suka tashi da shi, wato ruwayar Warshu, inda ake sa ɗigo babba a ƙarƙashin harafi don nuna karkatar sauti. Shi ne yamala. Ga o kuwa ba a sami alamar da kowa ya yarda da ita ba, sai aka bar rufu'a ta yi aiki biyu: ita ce u, ita ce o. Wasu marubuta sukan ƙara wata 'yar alama a kan wau, ko su biyo shi da alif, don su nuna o suke nufi, amma ba kowa ke yi ba, wanda ma yake yi ba kullum yake tunawa ba.

A gefe guda kuma, ajami ya gaji wani abu mai daraja daga Larabci: yana nuna tsawon wasali. In a ce mai tsawo sai a biyo ta da alif, in i ce a biyo ta da ya, in u ko o ce a biyo ta da wau. Mu riƙe wannan, domin shi ne abin da ya fi zubewa idan aka koma boko.

Yadda boko ya zo da nasa gibin

Turawan farko da suka rubuta Hausa da haruffansu da kunne suka yi aiki. Schön, ɗan mishan Bajamushe, ya fitar da jerin kalmomin Hausa a 1843, daga baya ya fitar da Magana Hausa a 1885, wanda mafi yawansa daga bakin Dorugu ya ɗauka. Kunnen baƙo bai raba d da ɗ ba, bai raba k da ƙ ba, saboda haka rubutunsu ma bai raba ba. A wannan fanni ajami ya riga su nisa.

Bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa a 1903, gwamnatin Lugard ta zaɓi boko don aikin ofis da makarantunta. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, sannan a 1912 ya fitar da ɗan littafin ƙa'idojin rubutun Hausa. An daɗe ana gwaji a kan ɓ, ɗ da ƙ. Wasu suna sa ɗigo a ƙasan harafi, wasu suna sa waƙafi a gefensa kamar yadda Bargery ya yi a ƙamusunsa na 1934. Sai a cikin shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, aka tsaya a kan haruffa masu lanƙwasa da muke amfani da su yau, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939 ta yaɗa su. Boko ya kawo wasula biyar cif, ya raba u da o, ya raba i da e. Amma a rubutun yau da kullum an bar tsawon wasali, an kuma bar karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓa. Masu ƙamus irin su Bargery da Abraham sun nuna su da alamomi, amma jarida da littafin makaranta ba su ɗauka ba. Haka abin yake har yau.

Tun a farkon wannan zamani an yi manyan ayyuka biyu na juyar ajami da ya kamata mu kwatanta. Na farko shi ne Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, kundi uku da aka buga tsakanin 1911 da 1913. Malamai ne suka rubuta labaran da ajami, wani kaso kuma Burdon, Razdan na Sakkwato, ya tara ya ba shi. Edgar ya juya su zuwa boko, boko kaɗai aka buga. Ko sunan littafin ya nuna irin rubutun lokacin, ga “littafi” da t ɗaya. Wanda ya yi shakkar wata kalma a ciki ba shi da abin dubawa a shafin, sai ya yi hasashe. Na biyu shi ne aikin Rattray na 1913 a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Wani Malam Shaihu ya rubuta masa tatsuniyoyi da al'adu da ajami, shi kuma ya buga hoton rubutun malamin tare da juyinsa na boko da fassara, yana ɗora layi a kan dogayen wasula. Shekara ɗari da 'yan kai bayan haka, duk wanda ya ga Rattray ya yi kuskure zai iya gyara masa, domin hannun Malam Shaihu yana nan a gabansa. Darasin da ke tsakanin waɗannan littattafai biyu shi ne darasin adakokinmu.

Mu gwada da wasiƙa guda

Mu ƙaddara wasiƙa irin wadda ɗan'uwa zai aiko wa mai gida a Sabo daga arewa. Ba wata takamaimiyar wasiƙa ba ce, mun tsara ta ne don misali. Bayan basmala da gaisuwa, sai layi uku, ga yadda wani ya juya su da gaggawa:

“Bana an yi fari a garinmu. Dillali ya biya kuɗin huhun goro goma. Sarki ya sa doka a kasuwa.”

Ga duk mai jin Hausa wannan ya fito sarai. Amma kowace jimla a cikinsu akwai inda mai juyawa ya yanke hukunci, ko ya sani ko bai sani ba.

Mu fara da “fari”. Kafin a je ga wasali ma, sai a tabbata harafin farko fa ne. A rubutun Warshu da kakanninmu suka koya, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigonsa ɗaya a sama. A rubutun da yaranmu ke koyo a Islamiyya, na Hafsu, mai ɗigo ɗaya a sama shi ne fa. Yaron da bai san wannan ba zai ga “ƙari” ya karanta “fari”, ya ga “ƙasa” ya karanta “fasa”. Hanyar ganewa ita ce a nemi wata kalma sananniya a takardar, kamar “lafiya” da ba a rasa ta a gaisuwa, a ga inda marubucin ya sa ɗigon fa ɗinsa.

To, mun tabbata fa ce. Boko yana rubuta kalmomi huɗu da waɗannan haruffa huɗu. Akwai fari na launi, akwai fari na rashin ruwan sama, akwai fari jam'in fara, akwai fari na farko kamar a “ɗan fari”. Biyun farko a ɗinsu gajere ne. Biyun ƙarshe dogo ne, in da za mu ninka shi sai mu rubuta “faari”. Marubucin ajami mai kula zai sa alif bayan fa idan fara ce ta sauka ta cinye amfanin gona, ba zai sa ba idan damina ce ta ƙi. Da zarar mai juyawa ya rubuta “fari” ya ajiye alƙalami, wannan bambanci ya tafi. Jikan da ya karanta juyin bayan shekara hamsin zai ce a shekara kaza an yi fari a garinsu, alhali mai yiwuwa ruwa ya wadata, fara ce ta yi ɓarna. Wannan tarihin gari ne aka sauya saboda alif guda.

Alif ɗin ya raba huɗu zuwa biyu-biyu, amma bai ƙarasa aikin ba. Abin da ya raba fari na launi da fari na rashin ruwa murya ce kawai: a na launi gaɓoɓin biyu duk a sama suke, a na rashin ruwa ta biyun tana sauka. Haka jam'in fara yana farawa ƙasa ya hau, na “ɗan fari” yana farawa sama ya sauka. Wannan ba alif, ba wau, ba harafin boko da ya nuna shi. Jimlar ce ke taimako, tunda ba a cewa “an yi fari” ana nufin launi.

Jimla ta biyu ta fi haɗari, domin kuɗi ne a ciki. “Dillali ya biya.” Mu faɗe ta da baki mu ji. In muka ja “ya” da murya sama, ma'anar ita ce an riga an biya, magana ta ƙare. In muka ja ta murya ta faɗo daga sama zuwa ƙasa, ma'anar ita ce ai zai biya, a kwantar da hankali. In muka gajarta ta da murya ƙasa, umarni ne: a sa dillali ya biya. In muka gajarta ta da murya sama, ana nuna cewa dillalin ne ya biya ba wani ba. Ma'ana huɗu, boko ya ba su riga ɗaya. Ajami ya fi kusa da gaskiya a nan, domin biyun farko za su zo da alif bayan ya, biyun ƙarshe ba alif. Ke nan wanda ke riƙe da asalin takardar zai iya raba “an biya” da “a biya”, wanda ke riƙe da juyin boko kaɗai ba zai iya ba. A lissafin bashin da magada za su duba, tsakanin waɗannan biyu akwai huhun goro goma.

Ko da alif ɗin ma, saura shakka tsakanin “ya riga ya biya” da “ai zai biya”. A nan sai a dubi abin da ke kewaye. In marubucin ya ce “jiya” ko “ran Laraba da ta wuce”, an biya. In ya ce “in Allah Ya yarda” ko “bayan Sallah”, ba a biya ba tukuna. Akwai kuma taimakon karin harshe. Basakkwace in yana nufin dillalin ne ya biya, “yab biya” zai ce, sai a ga shadda a kan ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa bai kamata mai juyawa ya mayar da Sakkwatanci Kananci ba. In takarda ta ce “munka” ko “biyat”, a bar su haka, domin su ne shaidar inda marubucin ya fito, kuma su ne za su warware wata kalmar a gaba.

A cikin jimlar nan akwai inda mai juyawa ya yi zaɓi daidai ba tare da ya lura ba. Abin da ke takardar angai ne da rufu'a da wau, sai ra da rufu'a. Ana iya karanta shi “goro”, ana iya karanta shi “guru”. Kalmar “huhu” da ta gabace shi ce ta sa ba wanda ya yi tunanin guru na ɗamara. Haka “goma”, rubutunsa bai hana a ce “guma” ba, sanin Hausa ne ya hana.

A jimla ta uku sanin Hausa kaɗai bai isa ba. Dal da rufu'a da wau, sai kaulasan da alif. “Doka” ne ko “duka”? “Sarki ya sa doka a kasuwa” magana ce mai ma'ana. “Sarki ya sa duka a kasuwa”, wato ya sa dogarai su yi ta bugun mutane, ita ma magana ce mai ma'ana. Ajami bai raba su ba. Boko kuwa ba ya barin mutum ya yi shiru, dole ya rubuta o ko u, kuma da ya rubuta mai karatu zai ɗauka haka marubucin ya ce. Sai a nemi haske a layin da ke biye: in an ambaci farashi ko awo ko haraji, doka ce, in an ambaci rauni ko gudu, duka ne. In babu, gaskiya ita ce a rubuta ɗaya a nuna ɗayan a gefe. Abin lura kuma, in mai juyawa ya zaɓi “duka”, boko zai sake haɗa shi da “duka” na gaba ɗaya, wanda u ɗinsa gajere ne, ajami kuma ya riga ya raba su da wau. Kowane rubutu ya toshe rami ɗaya ya buɗe wani.

Idan wasula suka ɓace

Duk abin da muka faɗa a sama ya rataya ne ga marubucin da ya sa wasulansa. Masu kwafar waƙa galibi suna sawa, don sun san Hausa ba ta karantuwa da baƙaƙe tsura. Amma ɗan kasuwa mai sauri yakan tsallake wasu, wani lokaci kuma an sa su da jan tawada ta koɗe, baƙar ta rage. A irin wannan hali wau guda yana iya zama u, ko o, ko au. Sin da wau da kaulasan da alif: “suka” ne, ko “soka”, ko “sauka”?

Yamala ma tana da rauninta. Ɗigo ne guda a ƙasan harafi, yana iya haɗewa da ɗigon ba ko na ya, yana iya gogewa, wani marubucin kuma wasali ƙasa yake sawa a madadinta. “Ya sayi shanu” da “ya saye shanu” ba abin da ya raba su a takarda sai wannan ɗigo. Na farko ya sayi wasu, na biyu bai bar ko ɗaya a kara ba.

Sannan kada mu ɗauka alif da wau da ya ba sa kuskure. A tsakiyar kalma marubuta sun fi daidaito. A ƙarshen kalma kuwa sukan saɓa wa juna, mutum ɗaya ma yakan saɓa wa kansa a shafi guda. Saboda haka kafin a kafa hujja da alif na “ya”, a duba sauran wuraren da marubucin ya rubuta “ya” da “ta” da “na” inda ma'anar ba ta da shakka. In ya saba rabawa, a yarda da shi. In bai saba ba, alif ɗinsa ba shaida ba ne.

A waƙa akwai ƙarin mataimaki biyu. Rubutacciyar waƙa tana tafiya ne bisa ma'aunin gaɓoɓi dogaye da gajeru, saboda haka in aka rera baiti da gajeren wasali aka ji ya yi ɗingishi, dogo ne marubucin ya nufa. Amsa-amon ƙarshen baiti kuma yana nuna ko u ne ko o, ko i ne ko e, in an dubi sauran baitoci. Amma rerawa ba ta taimako wajen karin sauti, domin muryar waƙa takan danne na magana. “Kuka” na hawaye da “kuka” ta miya duk dogayen wasula gare su, ma'auni ɗaya, rubutu ɗaya a ajami da boko, har ma “koka” ya shigo cikinsu a ajami. Ma'anar baitin kaɗai ke raba su.

Abin da muke ba da shawara

Ga duk wanda zai taɓa takardun gidansu, abu na farko shi ne ya ɗauki hotonsu da kyau, gaba da baya, cikin hasken rana, yadda jan tawada zai fito. Kada a bi rubutun da biro don a ƙara masa haske, domin ɗigo ɗaya da aka ƙara ya isa ya mayar da wani harafi wani daban.

Na biyu, a nemi dattijon da ya yi allo, in da hali wanda ya fito ɓangaren da marubucin ya fito, ya karanta da ƙarfi, a naɗi muryarsa a waya. Wannan murya ita kaɗai ce za ta adana karin sautin da ba ya cikin kowane rubutu. In an sami dattawa biyu, kowanne ya karanta shi kaɗai. Inda suka saɓa, nan ne wurin da ke bukatar bincike.

Na uku, a yi juyi biyu. Na farko ya bi takarda sau da ƙafa, layi da layi, a ninka wasali duk inda marubucin ya sa alif ko wau ko ya, a rubuta “faari” da “yaa biya” yadda suke. Na biyu a rubuta shi da daidaitacciyar Hausa don mai karatu, a raba kalmomin da ajami ya saba haɗewa, tunda marubutansa sukan manne “ya” da “ta” da “da” a jikin kalmar da ke biye. Inda ma'ana ta rataya ga murya, ana iya aron alamomin masu ƙamus, kamar yadda Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya nuna furucin kalmomi, ko kuwa a yi bayani da kalma ɗaya a gefe: fari na fara, duka na bugu. Inda kuma aka kasa rabawa, a rubuta cewa kalmar tana ɗaukar karatu biyu, a kawo su. Wannan ya fi zaɓen ɗaya a ɓoye ɗaya.

Na ƙarshe, asalin takardar ta zauna tare da juyinta, a cikin abin da zai kare ta daga laima da gara. Mai juyawa, komai ƙwarewarsa, karatu ɗaya ya ba mu, nasa. Wani zai zo a baya wanda ya fi shi sanin hannun marubucin ko sanin garin da aka aiko wasiƙar, ya ga alif ɗin da aka tsallake, in dai takardar tana nan.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rubuta mana, Ya ƙara wa dattawanmu masu karanta mana lafiya da nisan kwana. Wanda yake da irin waɗannan takardu a gida kuma yake neman mai karanta masa, ya yi magana a zamanmu na gaba, a haɗa shi da dattijon da ya dace.